Mai dilibari ya san ƙofar gidana, yanzu ya dame ni a waya

Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce, ina zaune da 'ya'yana biyu a gidan haya a Kano, kuma ina aiki daga safe zuwa la'asar. Yawancin kayana a waya nake saye, wajen masu talla a Instagram da WhatsApp, wani lokaci a manyan shagunan intanet. Kwanan baya wani mai dilibari ya kawo mini kaya har ƙofar gida. Tun ranar yake turo mini saƙo da dare wai yana so mu saba, har ya ce ya lura babu namiji a gidan. Bayan haka wani daban ya kira ni da cikakken sunana, ya faɗi unguwarmu, ya ce kayana sun maƙale sai na tura naira 4,500. Jiya kuma na ga kwalina a bola, sunana da lambata da kwatancen gidana suna jiki ɓaro-ɓaro. Ba ni da lokacin zuwa kasuwa. Yaya zan ci gaba da sayayya ba tare da kowa ya san gidana ba?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya tsare ki, Ya tsare miki yaranki. Bari mu fara da wanda ya riga ya san ƙofa, domin shi ne ba ya jiran gobe.

Kafin ki toshe lambarsa, ki adana shaida. Ki ɗauki hoton duk saƙonnin da ya turo, a ga lambarsa da ranar da lokacin a jiki, ki tura wa wani ɗan'uwanki ya ajiye. A WhatsApp akwai "Export chat", wanda zai fitar miki da hirar gaba ɗaya. Bayan haka ki ba shi amsa ɗaya tak, gajeriya, babu zagi babu lallashi: lambar nan don kawo kaya aka ba ka, kada ka sake kira ko turo saƙo. Ki ɗauki hoton wannan ma, sannan ki danna "Block". Amfanin wannan jimla shi ne, idan magana ta kai gaban hukuma, ba zai ce ai hira kuke yi da yardarki ba.

Daga nan sai ki koma kan wadda ta sayar miki da kayan, domin ita ta miƙa masa lambarki. Ki tura mata hotunan, ki tambaye ta sunansa da kamfanin da yake wa aiki. Idan na kamfani ne, ki rubuta musu ƙorafi da lambar odar. Idan kuwa mai mashin ne kawai da take kira duk lokacin da ta samu ciniki, ki nemi ta daina aiko shi wajenki, kuma ta goge kwatancen gidanki daga wayarta. Wannan haƙƙinki ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ce bayanin da aka karɓa don wata buƙata ba a juya shi zuwa wata daban, ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, kuma ta kafa hukumar NDPC da ake kai wa ƙorafi. Ba na ce miki hukumar za ta zo Kano ta kama mai mashin cikin mako ba. Amma kamfani mai rajista yana ɗaukar takardar da ta ambaci wannan doka da muhimmanci fiye da kukan baki.

Maganar da ya yi cewa ya lura babu namiji a gidan ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ba na so ki riƙe ta ke kaɗai saboda kunya. Ba ki yi laifin komai ba, kaya kika saya. Ki faɗa wa yayanki ko kawunki, ki faɗa wa mai gidan da kike haya da maƙwabcin da kika yarda da shi, su san kamanninsa da irin mashin ɗinsa. Ki gargaɗi yara kada su buɗe wa kowa ƙofa don ya ce ya kawo wa Mama saƙo. Idan ya sake kira da wata lamba, ko aka gan shi yana zagaya layin, kada ki tsaya jiran karo na uku. Ki je wajen mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da namiji daga danginki, da hotunan a hannu.

To, sai gaba. Ki lura da wani abu: daga shagon mai kaya har zuwa unguwarku, babu wanda yake buƙatar sanin ƙofarki. Mai kaya tana buƙatar sunan da za ta rubuta da garin da za ta tura. Direba yana buƙatar tashar da zai sauke. Mutum ɗaya ne, na ƙarshe, yake buƙatar wurin da zai miƙa miki kaya, kuma ba dole ne wurin ya zama gidanki ba. Idan kika ɗauke wannan mataki na ƙarshe daga ƙofarki kika kai shi wani wuri, yawancin matsalar ta kau, ko da takardar da ke jikin kwalin ta faɗa hannun kowa.

A manyan shagunan intanet abin yana da sauƙi. A Jumia, misali, lokacin kammala oda za ki ga zaɓi tsakanin "Door Delivery" da "Pickup Station". Ki zaɓi na biyu, ki duba wurin karɓa da ke kan hanyarki ta dawowa daga aiki. Kaya za su zauna a can, a turo miki saƙo, ki je ki karɓa, sau da yawa ma kuɗin kawowar ya fi sauƙi. Kamfanonin dakon kaya irin su GIG Logistics da DHL su ma suna da ofisoshin da mutum yake zuwa ya karɓi saƙonsa da kansa, sai dai ki faɗa wa mai turowa tun farko cewa a ofis za ki karɓa. Abu biyu za ki kiyaye a nan. Kwanaki ƙalilan ake riƙe kaya kafin a mayar da su, don haka kada ki yi oda ana gobe za ki yi tafiya. Sannan ko kin zaɓi wurin karɓa, manhajar takan nemi ki cike adireshi, kuma tsohon adireshin gidanki yana nan a ajiye a ciki tun odar farko. Ki shiga wurin adireshi ki goge shi, ki sa na wurin aikinki ko sunan unguwa da babban titi kawai. In ba haka ba, wata rana cikin sauri za ki danna oda ta tafi da tsohon.

Masu talla a Instagram da WhatsApp su ne suka fi buƙatar dabara, domin ba su da ofis, kuma al'adarmu ta kwatance tana fallasa mutum fiye da lambar gida. Ki tuna yadda muke rubutawa: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu hannun dama, gida mai jan ƙyaure kusa da mai markaɗe, a tambayi Maman wane. Wanda ya karanta wannan ya san gidan, ya san sunan ɗanki, ya san wanda zai tambaya a layin. Kuma wannan rubutu yana zama a wayar mai kaya, da wayar yarinyar shagonta, da wayar mai mashin, wani lokaci har a rukunin WhatsApp na masu dilibari inda ake jefa aiki a ce wa ke kusa.

Maimakon haka, ki samu wuri ɗaya tsayayye da zai zama tashar kayanki. Zai iya zama shagon wani ɗan'uwa a bakin titi, ko kemis ɗin da kuka saba, ko mai POS mai rumfa tsayayya, ko ɗakin mai gadi a wurin aikinki idan shugabanninki sun yarda. Sharaɗin shi ne wurin ya kasance a buɗe duk yini, da jama'a, kuma ba a layinku ba. Shagon da ke kallon ƙofarki bai raba ki da komai ba, domin mai dilibari zai tambaya a nuna masa gidan da baki. Ki zauna da mai wurin ku yi magana a fili: zan riƙa turo kaya nan, ga sunan da za a rubuta, idan an tambaye ka gidana ka ce ba ka bayar da kwatance. Ki riƙa yi masa ɗan ihsani, domin ajiya nauyi ce. Kuma ki biya kuɗin kaya da na kawowa tun kafin su iso, kada ki bar shi da rigimar canji ko ciniki.

Kuskuren da ke rushe wannan shiri shi ne tausayi na minti ɗaya. Mai dilibari zai kira ya ce, Hajiya ga ni a wurin amma kayan da nauyi, turo mini lokeshan in ƙaraso. Da kin tura daga cikin ɗakinki, kin ba shi abin da ya fi kowane kwatance, musamman in kika danna "Share live location", wanda ke nuna duk inda kika motsa na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Idan dole sai an tura, ki nemo gidan mai ko shagon a taswirar ki tura wannan wurin, ba inda kike tsaye ba. Idan kuwa kin fito kin karɓa a bakin titi, ki bari ya tafi kafin ki juya gida.

Na san akwai kayan da ba sa zuwa shagon kowa, kamar firji, katifa ko buhun shinkafa. Irin waɗannan ki sa a kawo su ranar da ɗan'uwanki yake nan, a ba da lambarsa, shi ya tarbe su a ƙofa. Ko kuma a sauke a bakin titi ki ɗauki mai Adaidaita ko mai kura da kika sani ya ƙarasa da su.

Sai lambar waya, wadda a ganina ta fi adireshi yawo. Adireshi yana kai mutum ƙofa ɗaya, lamba kuwa tana buɗe abubuwa da yawa. Wanda ya ajiye lambarki zai ga hotonki a WhatsApp idan ba ki rufe ba. Zai sa ta a Truecaller ya ga sunan da mutane suka ajiye ki da shi, wanda sau da yawa yake haɗe da wurin aiki ko unguwa. Idan kina da asusun OPay ko PalmPay da aka buɗe da wannan layin, lambar asusun ita ce lambar wayar ba tare da sifilin farko ba, don haka duk wanda ya rubuta ta kamar zai tura miki kuɗi zai ga cikakken sunanki na banki. Wannan na iya zama hanyar da mai kiran nan ya bi ya samu sunanki, ko kuma daga jikin kwalin ne kai tsaye.

Maganin shi ne layi na biyu, na sayayya kaɗai. Za ki yi masa rajista da NIN ɗinki kamar kowane layi, domin doka ce tun ƙarshen 2020, kuma kada ki sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista a bakin titi. Ba hukuma kike ɓoye wa kanki ba, baƙon ido kike ɓoye wa. Kada ki haɗa wannan layin da kowane banki. Kada ki raba wa dangi da abokan aiki, domin da sun ajiye shi da cikakken sunanki zai iya bayyana a Truecaller. Ki buɗe masa WhatsApp nasa babu hoton fuska, babu hoton yara. Ki riƙa sa masa kati kina kira da shi lokaci-lokaci, saboda layin da ya yi watanni ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sai saƙonnin odarki su koma hannun baƙo. Ranar da wani ya dame ki a wannan layin, za ki iya jefar da shi ba tare da kin rasa kowa naki ba. Tsohon layin kuma, yau ɗin nan ki shiga "Settings", sai "Privacy", ki mayar da "Profile photo" da "About" zuwa "My contacts".

Game da suna, ba na ba ki shawarar ƙirƙirar na ƙarya. A ofisoshin karɓar kaya ana iya neman katin shaida, kuma idan sunan bai dace ba za a hana ki kayanki. Kayan da ke zuwa daga waje, irin na AliExpress ko Temu, su ma suna buƙatar suna da lamba na gaskiya, in ba haka ba su ɓace a hanya ki rasa bakin neman kuɗinki. Abin da za ki yi shi ne ragewa. Ga mai talla a WhatsApp, harafin farko na sunanki da sunan mahaifinki sun isa. Babu Hajiya, babu Maman wane, babu sunan wurin aiki sai in can za a kai. Ki sani dai idan kin yi mata tiransifa za ta ga cikakken sunanki a alat, wannan ba makawa. Abin da kike nema shi ne kada ya hau jikin kwali.

Bari in nuna miki yadda oda ɗaya za ta kasance daga farko zuwa ƙarshe. A ce kin ga leshi wajen wata mai talla a Kaduna. Da layin sayayya za ki yi mata magana. Bayan kun daidaita, sai ki rubuta mata: ga abin da za a rubuta a jikin kayan, gajeren sunana, Kano, da wannan lambar, don Allah kada a ƙara komai, kuma kada a sa hoton kayana ko rasidina a sitatus. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin masu talla da yawa suna jera ledojin da za su tura su ɗauki hoto don nuna ana ciniki, sunaye da lambobin mutane suna fitowa tar a gaban ɗaruruwan masu kallo. Ita za ta kai tashar Kawo ta ba direba, ta turo miki lambarsa da lambar motar. Ledar za ta kwana a but, ta bi hannun kwandasta da 'yan kamasho, duk wanda ya ɗaga ta zai karanta abin da aka rubuta da maka. Abin da zai gani kuwa gajeren suna ne da layin da ba ya kai ga komai. Da motar ta iso tasha a Kano, ki je da rana ki karɓa, ko ki aiki wanda kika sani ya kai shagon da kuka yi magana. A duk tafiyar nan babu wanda ya ji sunan layinku.

Yanzu kwalin da ya riga ya shigo gida. Kwali ba ya mutuwa a bola. 'Yan jari-bola suna kwashewa, ana sayar wa masu shago, wani ya sake zuba kaya a ciki ya tura wani gari da sitikarki a jiki. Don haka ki mayar da shi al'ada, kafin ki gwada takalmin ma ki fara cire takardar. Ki duba ko'ina, domin sau da yawa ba ɗaya ba ce: akwai ta waje, akwai wata a ƙarƙashinta idan kaya sun canja hannu, akwai rasidi a ciki ko a cikin 'yar ledar da aka manna a gefe.

Shafa biro ko maka a kai ba ya wadatarwa. Idan aka karkata takardar a hasken rana, rubutun na'ura yakan fito ta ƙarƙashin tawada, rubutun hannu kuma yana barin sawu. Yawancin sitikun kamfanoni irin takardar rasidin POS ce, wadda zafi ke rubutu a kanta ba tawada ba. Za ki gane ta idan kika karce da farce da sauri, sai baƙin layi ya fito. Irin wannan idan kika ɓare ta kika ɗora mata dutsen guga mai zafi, gaba ɗayanta za ta yi baƙi. Wasu suna shafa sanitaiza, yakan yi aiki a wata takardar ya ƙi a wata, don haka ki duba da idonki bayan ta bushe. Hanyar da ba ta da shakka ita ce almakashi: ki yanke wurin gaba ɗaya, ko a kwali ko a leda, ki jefa takardar a murhu ko ki yayyanka ta ƙanana ki jiƙa a ruwa har ta dagargaje. Kada ki bar layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa, ko lambar bin sawun kaya da ke ƙarƙashinsu, domin da ita ake duba inda kaya suka fito da inda suka sauka, kuma da ita ɗan damfara yake sa maganarsa ta yi kama da gaskiya. Sai dai kafin ki lalata, ki ɗauki hotonta ki ajiye a wayarki har ki tabbatar kayan lafiya suke, saboda idan za ki mayar da su za a nemi lambar odar. Kuma idan za ki nuna wa ƙawaye abin da kika saya a sitatus, ki cire kwalin daga hoton.

Wanda ya nemi naira 4,500 kuwa, ina fata ba ki tura ba. Sanin sunanki da unguwarku ba shaida ba ce cewa daga kamfani yake, tunda duk wanda ya tsinci kwali ya san wannan. Idan irin kiran ya sake zuwa, ki kashe, ki buɗe manhajar da kika yi oda ki duba halin da kayan suke, ko ki kira mai kayan a lambar da kika saba. Kuɗin da aka ce ki tura asusun wani mutum mai suna daban don a saki kaya, ki ɗauke shi damfara har sai mai kayan ta tabbatar da bakinta. Akwai kamfanonin da ke turo lambar karɓa wadda ake faɗa wa mai kawo kaya, amma sai kayan suna gabanki ake faɗarta, ba a waya ba. Lambar da banki ya turo kuwa, da lambobin jikin katinki, da BVN, babu mai dilibarin da yake da hurumin tambayarsu. In har kin riga kin tura kuɗin ko kin faɗi wata lamba, ki kira bankinki yanzu su rufe katin su rubuta ƙorafin, ki ajiye lambar asusun da aka ba ki da lambar da aka kira ki da ita, ki haɗa su da hotunan da za ki kai wa 'yan sanda.